Yadda Ake Karɓar Kaya a Sito, a Gwada Su da Takardar Oda, a Rubuta Giɓi

Shekarata ta farko a aikin sito, wata motar sabulu ta iso mana dab da magariba. Direba yana ta kallon agogo, 'yan dako suna son a tashi, ni ma azumi nake yi. Webil, wato takardar lodin da direba ya zo da ita, ya ce katan 200, na leƙa cikin mota na ga kaya shaƙe, na sa hannu, na buga hatimi. Da safe muka ƙirga muka samu 194. Na buga wa mai kawo kayan waya, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, takardar da ke gabana da hannunka a jiki, kuma 200 ta ce." Kuɗin katan shida a albashina aka cire su, wata biyu a jere. Tun daga ranar nake gaya wa duk wanda aka ba ni in koya wa aiki cewa karɓar kaya ana gama ta ne kafin motar ta bar ƙofa. Abin da ba ka rubuta ba mota tana tsaye, da wuya ka ci nasarar neman sa daga baya.

Akwai lambobi uku a kan kowane kaya da ya shigo, kuma aikin duka shi ne raba su. Ta farko, abin da muka ce a kawo mana, yana cikin takardar oda. Ta biyu, abin da mai kaya ya ce ya loda, yana cikin webil ɗin da direba ke riƙe da shi. Ta uku, abin da ya sauka a ƙasa, wanda ba ya cikin kowace takarda sai kai ka ƙirga ka rubuta. Giɓin da ke tsakanin oda da webil na mai kaya ne, bai loda cikakke ba. Giɓin da ke tsakanin webil da ƙirgarka kuwa a hanya ya faru, ko a wurin lodi, ko a wurin saukewa. Idan ka haɗa su ka rubuta "kaya ba su cika ba", ka ba kowa ƙofar da zai fita.

Zan bi misali guda daga farko har ƙarshe. Mu ɗauka sitonmu na kayan abinci ne a Kano, mun yi odar shinkafa buhu 400 mai kilo 50, sukari buhu 100 mai kilo 50, da man gyaɗa jarka 120 mai lita 25, daga wani dila da zai loda a Legas kuma shi zai ɗauki hayar motar. Farashin da zan sa na misali ne kawai, don lissafi ya fito.

Kafin mota ta iso

Kwafin takardar oda ya kamata ya riga mota isowa hannun mai sito. Wannan kamar ba ya buƙatar faɗa, amma na sha ganin inda odar tana cikin durowar manaja, mai sito yana karɓar kaya da webil kaɗai. Wanda ke karɓa da webil kaɗai yana gwada maganar mai kaya ne da kayan mai kaya, ba zai taɓa sanin an rage masa ko an musanya masa ba. Ka karanta odar tun da safe, ka lura da abu huɗu: ainihin sunan kaya da samfurinsa, girman mazubi, adadi, da abin da ake ƙirgawa da shi. Na ƙarshen nan shi ke jawo rigima mai yawa. Oda ta ce "tumatir 50", mai kaya ya fahimci katan 50 na ƙaramin gwangwani, kai kuma babba kake jira. Ko oda ta ce dozin, webil ya zo da katan. In ka ga oda ba ta fayyace ba, ka tambayi wanda ya rubuta ta kafin mota ta tsaya, domin direba ba zai jira ku ku daidaita ba.

Sannan ka share wurin saukewa. A keɓe fili a bakin sito wanda babu tsohon kaya a cikinsa, a shimfiɗa katako, domin buhu ba ya son ƙasa. Sabon kaya kada ya taɓa tsoho sai an gama ƙirga an rubuta. Da zarar 'yan dako sun fara ɗora sabuwar shinkafa a kan ragowar ta wancan watan, ƙirga ta mutu, sai dai a yi hasashe. A wani gefe kuma a bar ɗan wuri na kayan da ake shakka a kansu, fasasshe ko jiƙaƙƙe. Ka tanadi sikelin da ka tabbatar yana tsayawa a kan sifili, biro, takardar ƙirga, da waya mai caji don hoto.

Mota ta tsaya

Kada a kwance igiya tukuna. Ka karɓi webil ka duba ko naka ne: sunan sitonku, lambar odarku, lambar motar da aka rubuta da wadda ke tsaye a gabanka, da sunan direba. Idan lambar mota ta bambanta, ka tambaya. Wani lokaci mota ta lalace a hanya aka juye kayan zuwa wata, kuma duk inda aka yi juyi a bakin titi, nan buhu ke fashewa ko ya yi ƙafa. Ba laifi ba ne a sauya mota, amma a rubuta.

Sai ka zagaya motar tare da direba. Ka dubi tamfol, ko a yage yake, ko ruwa ya kwanta a samansa. Ka dubi ɗaurin igiya, domin ɗaurin da aka yi a wurin lodi da wanda aka sake yi a hanya cikin gaggawa ba sa kama da juna. In mota rufaffiya ce ko kwantena mai sil, wato ɗan makullin nan mai lamba da ake sawa a ƙofa bayan lodi, ka karanta lambar sil ɗin ka gwada da wadda ke webil, kuma kai za ka sa a yanke shi a gabanka. Sil da ya zo a karye, ko lambarsa ba ta dace ba, a ɗauki hotonsa kafin kowa ya taɓa shi, a kira mai kaya nan take. Ka ɗauki hoton kayan kuma lokacin da aka yaye tamfol, kafin a sauke buhun farko.

A nan ne za ka ajiye webil kusa da oda ka karanta su layi-layi. A misalinmu, webil ya ce shinkafa 400, sukari 90, mai 120. Tun ba a sauke komai ba ka gano giɓi na farko: sukari buhu 10 bai baro Legas ba. Wannan ba ruwan direba da shi, kuma bai kamata a tsare shi a kansa ba. Ka rubuta shi a gefe, ka ci gaba.

Ƙirga

Mutum biyu ne ke ƙirga, ɗaya daga ɓangarenku, ɗaya daga ɓangaren mota, yawanci yaron mota ko direban da kansa. Kowa da takardarsa. Abin da na fi so, kuma na ga amfaninsa, shi ne kada a gaya wa mai ƙirgarku adadin da ake jira. Mutumin da ya san 400 ake nema, in ya kai 397 sai ya zargi kansa ya ce ya tsallake uku, ya cike. Wanda bai sani ba abin da ya gani zai rubuta.

Ƙofa ɗaya za a bi da kaya, kuma kaya iri ɗaya a lokaci guda. A gama shinkafa kafin a taɓa sukari. Mai ƙirga yana tsaye a inda kowane ɗan dako zai wuce ta gabansa, yana jan layi ɗaya ga kowane buhu, na biyar ya gicciya a kan huɗun, don a yi lissafi biyar-biyar. Wasu sitoci suna ba ɗan dako tsinke ko marfin kwalba a kan kowane buhu ya jefa a kwano, tunda su ma da adadin buhu ake biyan su. Wannan yana da kyau a matsayin shaida ta biyu, amma ka tuna ɗan dako ribarsa a yawan buhu take, don haka ƙirgarsa ba ta kuskure ta ƙasa.

Ƙirgar wucewa kaɗai ba ta isa ba, domin waya za ta yi ƙara, wani zai yi sallama, hankali zai ɗauku na daƙiƙa biyar. Shi ya sa ake jera kayan yadda za su ƙirga kansu. A shinkafa, kowace shimfiɗa buhu biyar, uku a tsaye biyu a gicciye, ana sauya su a shimfiɗa ta gaba don jerin ya riƙe kansa, a ɗaga har shimfiɗa goma. Kowane jeri buhu 50 ke nan, kuma buhu 400 jeri takwas ne cif. Yaro ma zai iya gani in na takwas bai kai ba. Sai dai ka tsaya a kan jerin yayin da ake yin sa, musamman idan babban tari ake yi mai faɗi, domin ana iya barin rami a tsakiya a rufe shi da buhunan sama, daga waje ya yi kyau. Jerin biyar-biyar mai fili a tsakaninsa ba ya ɓoye rami.

Ga abin da muka samu. Jeri bakwai sun cika, 350. Na takwas ya tsaya a 44, jimla 394 lafiyayyu. A wurin kayan shakka akwai buhu 3 da suka fashe. Shinkafar da ta sauka ke nan 397. Yaron mota ya ce shi 400 ya ƙirga. Ba a musu da baki a irin wannan, a koma kan jerin tare a sake ƙirgawa, sannan a hau motar a duba lungunan, ƙarƙashin tamfol da aka naɗe, da bayan jarkoki. Sau da yawa buhun da ake nema yana can an danne shi. Wannan karon babu. Buhu 3 sun ɓata tsakanin webil da ƙofarmu.

Cikar adadi daban, cikar nauyi daban

Buhu 394 ɗin nan sun cika a ƙirga, amma ba mu san cikinsu ba. Ana iya zura bututu a gefen ɗinki a zare mudu guda daga buhu, ido ba zai gane ba. Ba za a iya auna buhu ɗari huɗu ana tsare da mota ba, don haka ake ɗiban samfur. Wata ƙa'ida da ake yawan bi a sitoci ita ce a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da adadin kayan, a ƙara ɗaya. Ga 400, lambar 20 ce, a auna buhu 21 ke nan. Abin da ya fi yawan muhimmanci shi ne inda aka ɗebo su: wasu daga bakin mota, wasu daga tsakiya, wasu daga can ƙurya da ƙasa. Kuma kai za ka nuna buhun da za a ɗora a sikeli, kada ka bari ɗan dako ko yaron mota ya zaɓa. Ka dubi ɗinkin baki ma. Ɗinkin inji layi ɗaya ne miƙaƙƙe. In ka ga zare kala biyu, ko tsofaffin ramukan allura kusa da sabon ɗinki, an buɗe buhun an sake rufewa.

Buhu mai kilo 50 ya kamata ya nuna 50 da ɗan ɗori na nauyin buhun kansa. Idan ɗaya ko biyu sun ɗan yi ƙasa kaɗan, wannan yana faruwa. Idan ka ga 48, 47 da rabi, 48 a jere, ka daina ɗiban samfur, a auna duka, ko mota za ta kwana. A misalinmu guda 21 ɗin sun tsaya daidai. Fasassun ukun kuma an auna su ɗaya-ɗaya: 46, 44, 47. Jimla kilo 137 a madadin 150, giɓin kilo 13. Wadda ta zube a ƙasan mota ta gauraya da ƙura ba a tattaro ta a mayar cikin buhu don nauyi ya cika.

Wasu za su ce me ya sa ba a hau babban sikelin mota ba a huta. Inda yake akwai, yana da amfani: a auna mota da kaya, a auna ta fanko, a cire. Zai nuna maka in tan guda ya ɓata. Amma ba ya ganin ƙaramin giɓi, domin kilo goma ko ashirin ba ya motsa shi, kuma man da ke tanki, tayar safaya, da ko yaron mota yana ciki ko ya sauka duk suna canza lambar. Ga mota mai kaya iri uku kuma, ba zai gaya maka wane ne ya ragu ba.

Sukari ya sauka buhu 90, daidai da webil. Amma huɗu daga waɗanda suke sama, daidai inda tamfol ya yage, sun sha ruwa. Jiƙaƙƙen sukari ana gane shi da hannu: buhun yana danƙo, in ya bushe ya daskare kamar dutse, kuma a sikeli nauyinsa ƙaruwa yake yi, don haka sikeli ba zai tona shi ba. Waɗannan huɗun ba ma karɓa. Mai ya sauka jarka 120, biyu suna yoyo ta gindi. A jarka, ka dubi zoben da ke ƙarƙashin murfi ko a tsinke yake, ka jera su ka haska fitila ta baya ka ga ko bakin man yana tsayi ɗaya. Kada ka yi tsammanin lita 25 ta mai za ta ba ka kilo 25, mai ya fi ruwa sauƙi, wajen kilo 23 za ka gani kafin a haɗa da nauyin jarka. Abin da kake nema shi ne su yi kusa da juna. Ka duba lambar NAFDAC, lambar rukuni, da ranar da wa'adin kayan zai ƙare, ka rubuta su. Kayan da saura wata biyu su lalace, in oda ta yi sharaɗin wa'adi mai tsawo, daidai suke da kayan da ba a kawo ba, kuma wanda ya yi odar shi zai yanke hukunci a kansu, ka kira shi.

Ga kayan katan, dabarar ita ce duban salatif. Katan da aka liƙe sau biyu, ko wanda aka buɗe ta gindi aka mayar, ko wanda ya fi 'yan'uwansa sauƙi a hannu, a buɗe shi a gaban direba a ƙirga cikinsa.

Sa hannu

Nan ne wurin da ake cin mutum. Direba ya gaji, kwana biyu ko uku yana hanya, kuma zai zo ya ce, "Yallaɓai, don Allah ka sa min hannu in tafi, ina da lodi a Dawanau. In ya so ku yi magana da maigida a waya." Ka ba shi ruwa, ka ba shi wurin zama, ka yi masa magana da mutunci, amma kada ka sa hannu a webil tsirara. Amsar da nake bayarwa ita ce, "Direba, ni ma yaron wani ne. Abin da muka gani tare shi zan rubuta, kai ma ka sa hannu, ba na ce kai ka ɗauka ba."

A jikin webil ɗin, a kowane kwafi, da biro, za ka rubuta abin da ya sauka da lambobi. Na misalinmu zai zama kamar haka: "An karɓi shinkafa buhu 394 lafiya, buhu 3 a fashe nauyinsu kilo 137, buhu 3 ba su iso ba. Sukari buhu 86 an karɓa, buhu 4 jiƙaƙƙu an mayar a motar. Mai jarka 118 an karɓa, jarka 2 masu yoyo an mayar. Tamfol a yage ta gaba." Sai kwanan wata, lokaci, sunanka, sa hannunka, sunan direba da sa hannunsa. Ka ja layi a ƙarƙashin rubutun don kada a ƙara wani abu. Kada ka goge 400 ɗin da mai kaya ya rubuta ka sa 397 a kai. Lambarsa ta zauna yadda take, taka ta zauna kusa da ita, domin bambancinsu shi ne hujjarka. Kalmomi irin su "da ɗan giɓi" ko "sai an duba" ba sa tsaya wa kowa. Kuma kada ka rubuta "an sace", ba ka gani ba, "ba su iso ba" ya wadatar.

In direba ya ƙi sa hannu, kada a yi faɗa, kada kuma a kulle masa ƙofa. Ka rubuta cewa ya ƙi, mutum biyu da suka ga ƙirgar su sa hannu a matsayin shaidu, ka kira mai kaya a gabansa, ka tura masa hoton webil ɗin da na kayan kafin motar ta tashi. Wani direban zai ce a bar maganar, zai biya kuɗin buhu ukun daga aljihunsa. Kada ka karɓa. Kuɗin da ya shiga hannun mai sito ba tare da takarda ba, ko da niyyar kirki, ranar da odita, mai binciken lissafi, ya zo sunansa daban.

Kayan da ka ƙi, in zai yiwu su koma a motar da ta kawo su. In mai kaya ya roƙa a ajiye masa, a ajiye a wurin da aka keɓe, a manna takarda a jiki, kuma kada su shiga lissafin sito. Haka nan rara. Da a ce mai ya zo 122, biyun nan ba namu ba ne, kuma ba a cike giɓin shinkafa da rarar mai. A rubuta rara a matsayin rara, a sanar.

Motar da ta iso cikin dare, abin da ya fi shi ne ta kwana a rufe a harabarku a sauke da safe. Idan dole ce ta sa aka sauke, a rubuta a webil adadin buhu ko katan da aka ƙirga, a ƙara da cewa ba a buɗe ba kuma ba a auna ba, a kulle su daban, a yi binciken da sassafe.

Bayan mota ta tafi

A ranar, ba gobe ba, za ka cike takardar shigar kaya. Ita ce takardar sito ta kansa, mai lamba a jere, kuma ita ce akanta zai dogara da ita wajen biya. Tana ɗauke da lambar oda, lambar webil, lambar mota, sunan mai kaya, sannan ga kowane kaya gurbi huɗu: abin da aka yi oda, abin da webil ya ce, abin da aka karɓa, da abin da aka ƙi ko bai iso ba tare da dalili. Layin sukari zai karanta 100, 90, 86, sannan bayani: 10 ba a loda ba, 4 an mayar saboda ruwa. Dubi yadda 14 ɗin ta rabu gida biyu. Goman nan ana iya jiran su a mota ta gaba, don haka odar ba ta rufu ba. Huɗun kuwa sai an yanke ko za a musanya su ko a cire kuɗinsu. Kwafi ɗaya ya zauna a sito, ɗaya ya je wurin akanta, ɗaya ga wanda ya yi oda. In ka yi kuskure a takardar, ka ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta tsohon, ka gyara a gefe ka sa hannu. In ta ɓaci gaba ɗaya, a rubuta "an soke" a bar ta a littafin, domin lambar da ta ɓata daga jeri ita odita ke fara tambaya.

A katin kaya da ke rataye a jikin kowane jeri, da cikin kwamfuta in kuna amfani da ita, abin da aka karɓa kaɗai ke shiga: shinkafa 394, da wani layi daban na fasassu 3 masu kilo 137, sukari 86, mai 118. Kuskuren da na fi gani a wurin masu kwamfuta shi ne, manhajar tana fito da adadin oda a gurbin karɓa tun kafin a rubuta komai, mutum ya danna amincewa bai canza ba. Sai kwamfuta ta ce akwai 400, ƙasa ta ce 397, kuma ba za a gane ba sai ƙirgar ƙarshen wata, lokacin da giɓin ya zama na mai sito.

Sannan a rubuta wa mai kaya takardar giɓi. Kiran waya sanarwa ce kawai, rubutu ne hujja. A sa lambar oda da ta webil, abin da ya ragu, hotuna, da abin da ake nema: a ciko, ko a rage kuɗi. Ka duba yarjejeniyarku, domin dilolin da yawa suna sa wa'adin 'yan kwanaki na kai ƙorafi, wanda ya wuce ba a sauraron sa.

Yanzu ga inda wahalar ta biya. Takardar neman kuɗi ta iso daga mai kaya, kuma kamar yadda aka saba, daga oda aka kwafo ta: shinkafa 400 a kan naira 60,000, miliyan 24 ke nan; sukari 100 a kan 70,000, miliyan 7; mai 120 a kan 50,000, miliyan 6. Jimla naira miliyan 37. Akanta ya ajiye takardu uku a gabansa, oda, takardar shigar kaya, da takardar neman kuɗi. Farashi yana gwada shi da oda, adadi kuma da takardar shigar kaya. Shinkafa buhu 3 da ba su iso ba, 180,000. Kilo 13 na fasassu, a kan naira 1,200 kowane kilo, 15,600. Sukari buhu 14, 980,000. Mai jarka 2, 100,000. Abin cirewa ya kama naira 1,275,600, abin biya kuma 35,724,400. Sai a nemi mai kaya ya aiko da takardar ragi ta wannan adadin, ko ya sake rubuto takardar neman kuɗin, don littafinsa da naku su tafi daidai.

An cire duka daga kuɗin mai kaya ne saboda a misalinmu shi ya ɗauki hayar mota, kuma yarjejeniya ta ce ya kawo har ƙofar sito. Shi zai je ya yi da mai mota, da webil ɗin da direbansa ya sa wa hannu. Da mu muka tura motarmu ta hayar ta ɗauko a Legas, wakilinmu ya sa hannu a can cewa an loda 400 lafiya, to sukari goman da ba a loda ba kaɗai za mu bi mai kaya. Buhu ukun shinkafa, kilo 13, jiƙaƙƙen sukari da jarkoki biyu, naira 575,600 ke nan, daga kuɗin hayar mota za a nema. Saboda haka masu tura motar haya ba sa biyan kuɗin mota duka a wurin lodi, suna riƙe wani kaso sai an sauke an ƙirga.

Kwafin webil mai hannun direba, takardar ƙirga ta mutum biyun nan da layukansu biyar-biyar, kwafin takardar shigar kaya da na takardar giɓi, a haɗa su da kwafin oda a fayil guda. A bangon fayil ɗin ka rubuta da fensir "saura sukari 10". Ranar da goman suka zo, za a karɓe su da sabuwar takardar shigar kaya mai sabuwar lamba a kan tsohuwar odar, a ƙirga su a auna kamar na farko, sannan a goge fensirin a rufe fayil.